Idan an ɗage maka intabiyu kana kan hanya

Abin da nake fara dubawa a saƙon ɗage intabiyu shi ne ko an sa sabuwar rana. Jami'in da ya rubuto cewa wani ɗan kwamiti ya yi tafiyar gaggawa, a dawo Talata mai zuwa ƙarfe goma, da gaske yake yi. Wanda kuwa ya ce "za mu neme ka" ya yi shiru, sau da yawa matsalar ta fi ƙarfinsa: ko an dakatar da kuɗin gurbin, ko masu ba da tallafi ba su saki kuɗin shirin ba, ko an riga an ba wani na cikin gida. Shi jami'in ɗaukar ma'aikata ɗan aike ne, ba shi yake yanke hukunci ba, shi ya sa huce haushi a kansa ba ya dawo da komai.

Na taɓa tasowa daga Kano zuwa Abuja don intabiyu a wata ƙungiya. Mun wuce Zariya ke nan saƙo ya shigo wayata, wai an ɗage, ba rana ba dalili. Na riga na biya kuɗin mota, na nemi izini a wurin aikina, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Ban kira ba, don na san muryata za ta tona ni. Na bari sai da muka tsaya a Kaduna, sannan na rubuta imel:

"Hajiya, barka da aiki. Na ga saƙonku, na gode da sanarwa. Har yanzu ina son aikin. Ina kan hanya daga Kano, zan kwana a Abuja. In akwai hali gobe, ina nan. In babu, Litinin ko Laraba sun yi mini, ko mu yi ta Zoom. Ku taimaka ku sanar da ni kwana biyu kafin ranar saboda nisan tafiya."

Ambaton Kano da gangan na yi shi. Mutane da yawa suna ɓoye wahalar da suka sha don kada a ce sun cika ƙorafi, ni kuma ina ganin haƙƙinka ne su san abin da ɗagewar ta ci maka, muddin ka faɗe shi sau ɗaya cikin ladabi. Ba da ranaku biyu kuma yana sauƙaƙa wa Hajiyar, don ta samu abin da za ta kai wa kwamiti kai tsaye.

Ta amsa da yamma, ta ba da haƙuri, aka yi ta Zoom ranar Laraba. Da ta yi shiru, mako guda zan jira, in sake tuntuɓa sau ɗaya, in ci gaba da nema a wasu wurare. Wurin da ya ɗage sau biyu ba tare da ban haƙuri ba kuwa, kafin in karɓi rana ta uku sai na tambaya ƙarara ko an amince da kuɗin gurbin.