Littafi goma sha huɗu, yara tamanin da shida

Ga ƙannena da ke shirin kammala NCE, ko waɗanda aka riga aka tura aji, ina so in ba ku labarin kurakuran da na yi a shekarar da aka danƙa mini aji huɗu a wata makarantar firamare da ke cikin birnin Zariya. A kwaleji an karantar da mu cewa Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma ranar da na buɗe rajista na iske suna 86, domin lokacin ya zo daidai da fara ciyar da ɗalibai a makarantun Jihar Kaduna a 2016, kuma yara sun yi ta tururuwa zuwa makaranta. Bencina 16 ne, kowanne na mutum uku amma ana cusa huɗu, sauran yara 22 kuwa suna zaune a kan tabarma a gaban allo. Littafin karatun Turanci da ke cikin kabad guda 14 ne, uku daga ciki ba su da bango.

Kuskurena na farko shi ne na kulle littattafan. Na yi tunanin cewa tunda ba za su isa ba, rabawa rigima kawai za ta jawo, sannan idan suka yage ni za a tambaya. Saboda haka kowace safiya sai in kwafe darasin a kan allo, in karanta jimla ɗaya da ƙarfi, yara su maimaita, in sake, su sake. Ajina ya fi kowane aji amo a makarantar, har na riƙa jin daɗi idan na ga mai wucewa ya tsaya ta taga yana sauraro. Zango guda cur na yi a haka ina ganin aiki nake yi.

Abin da ya farkar da ni ƙarami ne. Wata rana hedimastanmu, dattijo ne da ya kusa ritaya, ya shigo ana cikin wannan amshi, ya ɗauki littafi ɗaya daga kabad, ya ratsa da ƙyar zuwa bencin ƙarshe, ya miƙa wa wata yarinya da muryarta ke cikin masu fita sosai, ya ce ta karanta masa darasin. Ta karanta shi tsaf, ba gargada ko ɗaya, sai dai littafin a buɗe yake a wani shafi dabam, kuma yatsanta yana bin layukan da ba su da alaƙa da abin da bakinta ke faɗa. Bai ce komai a gaban yara ba. Da aka tashi tara ya kira ni ofis ya ce: "Malam, ka yi makarantar allo?" Na ce: "Na yi, ranka ya daɗe." Ya ce: "To, a can ma ai kowa da ƙarfi yake karatu, amma ka taɓa ganin an bar yaro ya wanke allonsa alhali malam bai ji shi shi kaɗai ba?"

Daga washegari na ajiye kujera a bakin ƙofa, ina kiran yara shida kowace rana lokacin da sauran ke rubutu, kowa minti ɗaya zuwa biyu. Ina buɗe shafin da ba mu taɓa yi ba, in nuna kalma a tsakiyar layi, domin wanda ya haddace yana buƙatar a ɗauko masa daga farko. Cikin mako uku na gama da su duka, na samu cewa 31 ba sa iya haɗa baƙi da wasali, kuma kusan dukansu a bencina na baya suke zaune, inda ƙafata ba ta taɓa kaiwa ba saboda babu hanya. Ashe yara ashirin na gaba nake koyarwa, sauran kuwa murya kawai suke ba da aro. Alamun da ya kamata in lura da su tun farko suna nan a fili: wanda bai iya ba yana kallon bakina maimakon allo, muryarsa tana zuwa ɗan bayan ta sauran, kuma idan ya kwafi rubutu sai ka ga ya haɗe kalmomi ko ya yanke su a inda ba a yankewa, domin zane yake yi, ba rubutu ba.

Sai na fito da littattafan, na kuma faɗa kuskure na biyu, wanda lissafi ne ya jefa ni cikinsa. Na raba 86 gida 14, ya ba ni rukuni goma sha biyu na mutum shida da rukuni biyu na mutum bakwai, na ce kowane rukuni ya kewaye littafi ɗaya. A takarda abin ya yi daidai, amma da na tsuguna kusa da su sai na ga gaskiyar lamarin. Littafi ɗaya mutum uku ne kawai ke iya karanta shi, na tsakiya da na dama da na hagu. Na huɗu da na biyar suna hango shi a karkace, wanda ke fuskantarsu kuwa a kife yake ganin rubutun, kuma yaron da bai gama bambance b da d ko p da q ba, ba ka yi masa alheri ba idan ka ba shi shafi a juye. Ƙari a kan haka, mai ƙarfi ko wanda ya riga ya iya shi ke riƙe littafin, wanda ya fi buƙata kuma shi ake turewa gefe. Cikin mako biyu littafi biyu suka rabu gida biyu saboda ja-in-ja.

Abin da ya yi mini aiki a ƙarshe shi ne in daina neman kowa ya yi abu ɗaya a lokaci ɗaya. Na raba ajin biyu, 43 a dama, 43 a hagu. Littafi 14 a hannun mutum uku-uku ya ɗauki yara 42, ɗaya da ya rage ya zama na huɗu a wani rukuni. Darasinmu minti 35 ne, sai na tsara shi kamar haka: minti biyar na farko na kowa da kowa, ina koyar da sababbin kalmomi huɗu ko biyar a allo, minti goma sha uku ɓangaren dama suna karatu a littafi ina zagayawa a cikinsu, na hagu suna yin aikin da na riga na rubuta a allo tun kafin a shigo, sai a yi musaya na wani minti goma sha uku, minti huɗu na ƙarshe kuma a duba amsoshi tare. Littattafan ne ke ƙaura daga ɓangare zuwa ɓangare, yaran ba sa motsawa, domin na gwada tashin yara 86 sau ɗaya, na ga ya cinye kusan rabin darasin. Na sa wa kowane littafi lamba a bango, kowane rukuni ya san lambarsa, saboda haka idan shafi ya yage an san inda za a tambaya, kuma tun daga nan yagewar ta ragu.

Wannan tsari ba ya yiwuwa sai da hanya a tsakiyar aji. Na matsa bencina takwas jikin bangon dama, takwas jikin na hagu, na bar fili mai faɗin mutum ɗaya daga allo har bango na baya, na raba masu tabarma su ma gida biyu. A kowane uku na sa wanda ya iya a gefe, wanda bai iya ba a tsakiya, shi ne mai riƙe littafi da bin layi da yatsa. Kowace Litinin layin baya yana dawowa gaba, kowa ya ja baya da benci ɗaya, ban da yara huɗu da na gano ba sa gani ko ji sosai, waɗanda na bar su a gaba dindindin. Masu tabarma su ma suna cikin juyin, domin na lura cewa idan aka bar abin ga rabo, ƙanana da 'yan mata marasa baki ne kullum ke ƙarewa a ƙasa.

A tsakani na yi wata wauta da nake jin kunyarta har yau. Da zafi ya tsananta a watan Afrilu, na riƙa tura rabin ajin gindin darbejiya da littattafai, na sa monita ya kula da su, ni kuma na tsaya da na ciki. Monitan ya karyo tsumagiya ya zama ƙaramin sarki, har wata uwa ta zo da ɗanta tana nuna mini shaidar duka a bayansa, ta ce: "Malam, kai muka ba amana, ba ɗan'uwansa ba." Ba ni da amsa sai ban haƙuri. Fita waje tana da amfani idan akwai babba na biyu, misali ɗalibin kwaleji da ya zo gwajin koyarwa, kuma ko da shi, damina da ƙurar hunturu suna hana ta watanni da yawa. Yaro yana iya raba littattafai ko ya faɗi wanda bai zo ba a layinsa, wanda hakan ya rage mini kiran rajista daga kusan minti takwas zuwa biyu, amma hukunci ba a ba shi.

Saura batun maki, wanda ya kusa sa in ajiye aikin. Ina karɓar littattafan rubutu 86 in ɗaure a bayan babur, kuma ko minti biyu na ba kowanne, minti 172 ke nan, kusan awa uku a kan darasi ɗaya. Da na gaji sai na koma buga alamar daidai ba tare da karantawa ba, yara kuma suka gane, har na tarar da wanda ya kwafi tambayoyin kawai ya samu cikakken maki daga hannuna. Yanzu kashi ɗaya cikin biyar nake karɓa kowace rana, wato 17 ko 18, ba na faɗin layin da zan karɓa sai an gama aikin, kuma ina karanta su da gaske cikin kusan minti 35. Sauran suna musayar littafi da na bencin bayansu, su duba da amsar da ke allo da fensir, kowa ya rubuta sunansa a ƙasa. Wannan yana aiki ne kawai ga tambayar da amsarta ɗaya ce, kamar cike gurbi ko lissafi. Insha'i sai idon malami, shi ya sa sau ɗaya kawai nake bayar da shi a mako biyu.

Kada ku ɗauka cewa wannan ya warware komai. Ɓangaren da ke aikin allo yakan ɗauki surutu idan aikin ya yi sauƙi ya ƙare da wuri, ko ya yi wuya suka kasa farawa, saboda haka nakan sa tambaya biyar, uku na farko kowa zai iya, biyu na ƙarshe su riƙe masu sauri. Manhaja ma ban gama ta ba a shekarar, kuma mai duba makarantu ya rubuta hakan a rahotonsa. Da na sake zama a bakin ƙofa a ƙarshen zango na uku, cikin yara 31 ɗin nan 19 sun karanta mini gajeren sakin layi da ba su taɓa gani ba, har da yarinyar bencin ƙarshe, wadda ta yi ta tsayawa tana haɗa kalma ɗaya-ɗaya, yatsanta a kan layin da take faɗa. Sauran 12 sun wuce aji biyar a yadda suke, sai na rubuta sunayensu a takarda na kai wa malamar da za ta karɓe su, na roƙe ta ta zaunar da su a tsakiyar benci tun makon farko.