Saƙo 3,400 bayan darasin sabulun ruwa, da yadda na zaƙulo waɗanda ba su gane ba

Yayata tana koyar da haɗa sabulun ruwa, to da ta yi bidiyon darasin kyauta aka watsa shi a guruf-guruf na mata, sai ta ce in haɗa mata ɗan fom mai gurbi ɗaya, duk wadda ta kalla ta rubuta abin da ke ranta. Cikin sati biyu saƙo 3,400 ya shigo. Ta ce min "Auta, ni dai ki duba min, sun gane ko ba su gane ba, kuma me suke so in koyar nan gaba." Tunda amsoshin fom ɗin kai tsaye suke sauka a Google Sheets, nan na zauna da su.

Abu na farko gyaran rubutu ne, don kowa da irin kibod ɗinsa, wata ta rubuta "ya ƙi" wata "ya ki" wata kuma duk da manyan baƙaƙe. Saƙonnin suna layin A, sai na sa wannan a B2 na ja shi har ƙasa:

```
=SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(LOWER(A2),"ƙ","k"),"ɗ","d"),"ɓ","b")
```

Wato komai ya koma ƙananan baƙaƙe, lanƙwasa kuma ta fita. Daga nan na yi abin da na ɗauka shi ne aikin: layi ɗaya da zai ba kowane saƙo suna guda, yabo ko ruɗewa ko roƙo. In an ga "nagode", "na gode", "ngd", "masha allah", "allah ya saka" to yabo ne, in ba a gani ba sai a duba "ban gane", daga nan a duba "dan allah". Sakamakon ya fito fes, kusan duka yabo, ruɗewa ɗan kaɗan. Har na ɗauko waya zan yi wa Yaya albishir.

Abin da ya tsayar da ni shi ne wani saƙo da idona ya faɗa kansa a cikin tarin yabon: "Salam Anti masha Allah Allah ya saka da alheri ya ƙara basira ya jiƙan mahaifa, amma ni nawa ya ƙi yin kauri kuma hannuna sai zafi yake." Wannan baiwar Allah tana cikin matsala, har da ƙuna a hannu, ni kuma na jefa ta cikin masu jin daɗi. Gabana ya faɗi wallahi. Kuma da na yi tunani ai haka muke magana, wa zai shigo wa malamarsa da ƙorafi kai tsaye? Sai an yi sallama, an yi godiya, an jero addu'a, sannan a ƙarshe a saƙala damuwar a hankali kamar ana jin nauyi. Fomular tawa da zarar ta ga godiya take tsayawa, ba ta ƙarasa zuwa inda maganar take.

Sai na ajiye fomula na koma karatu da ido. Na sa `=RAND()` a wani layi na jera da shi don saƙonnin su cakuɗe, na kwafe 200 na sama zuwa wani shafi (a kwafe ɗin dole ne, don lambobin suna sauyawa duk sanda aka taɓa shit ɗin), na karanta su ɗaya bayan ɗaya ina sa alama da hannuna. Ya ci min yamma guda. A cikin 200 ɗin nan ni na ƙirga 41 masu ruɗewa ko wata matsala, fomula kuwa 14 kawai ta kama. Sauran 27 ɗin yawancinsu suna ɓoye ne bayan "amma" ko "sai dai".

Gyaran da na yi shi ne na daina tilasta wa saƙo suna ɗaya. Na buɗe layi uku, yabo daban, ruɗewa daban, roƙo daban, kowanne yana amsa TRUE ko FALSE, saƙo ɗaya yana iya cin duka ukun. Na ruɗewa ya koma haka:

```
=REGEXMATCH(B2,"ban ?gane|ban ?fahim|bai ?yi|ya ?ki yi|ta ?yaya|\bamma\b|sai ?dai")
```

Alamar `?` bayan sarari tana nufin ko da sarari ko babu, shi ya sa take kama "ban gane" da "bangane" duka. Ita kuma `\b` ɗin nan da ke gefe da gefen amma, sai da na sha wuya na sa ta, don da farko duk wadda ta rubuta "na kammala" ko ta sa sunan Muhammad a saƙonta sai ta faɗo cikin masu ruɗewa, tunda amma tana zaune a tsakiyar kalmomin. Haka "ya ki" shi kaɗai ya dinga kwaso min "Anti ya ki ke", gaisuwa ce zalla, dole na ƙara "yi" a bayansa. Kalmar "kyau" ma na cire ta daga yabo gaba ɗaya saboda "bai yi kyau ba".

Na sake gwadawa a kan 200 ɗin nan dai: ta kama 36 cikin 41, ta kuma kwaso wasu 9 da ba ruwansu, irin su "amma fa kin iya koyarwa". Na bar shi haka. Gara in karanta saƙo tara na banza da wata mai ƙuna a hannu ta wuce ni. Biyar ɗin da suka kuɓuce ba su da wata kalma da za a kama, tambaya ce tsagwaronta, "wane cokali", ko "ruwan lita nawa".

Roƙo bai ba ni wahala sosai ba, "dan allah", "don allah", "dn allah", "a koya mana", "muna so". Abin lura ɗaya, kar a nemi "allah" shi kaɗai, yana cikin kusan kowane saƙo. Sannan "dan Allah" ɗin kashi biyu ne, akwai mai neman sabon darasi, man shafawa ko turaren wuta, akwai mai cewa "dan Allah a maimaita wajen soda", wanda wannan ruɗewa ce ta sanyo rigar roƙo. Duk inda na ga "maimaita" ko "a sake" na mayar da shi can.

Da na tace layin ruɗewa a duka shit ɗin, saƙo ɗari bakwai da ɗoriya ya rage, sai na yanko abin da ke bayan amma kawai don karatun ya yi sauri:

```
=IFERROR(REGEXEXTRACT(B2,"\bamma\b(.*)"),B2)
```

Nan fa abin ya fito fili. Ƙorafin ba warwatse yake ba, wuri biyu yake ta komawa. Ɗaya cokali, Yaya ta ce "cokali biyu" ba ta ce na shayi ko na cin abinci ba. Na biyun shi ya fi tayar min da hankali, a tsakiyar bidiyon sau biyu ta ce "sai ki zuba sodarki", alhali soda biyu ce a gabanta, kostik soda da soda ash, kuma kostik ita ce mai cin fata. Wasu sun dama ta ba safar hannu, wasu sun ninka ta suna zaton ita ake nufi duka sau biyun.

Na kai wa Yaya saƙo goma sha biyar kacal, ban kai mata ƙidaya ba. Ta karanta na mai zafin hannun nan ta yi shiru, can ta ce "Auta ɗauko min sikeli da safar roba, yau ɗin nan za mu sake ɗaukar wajen." A sabon bidiyon komai da giram ta faɗa, ta ɗaga kowace leda ta nuna sunanta a kamara, ni kuma na koma shit na nemo duk wadda ta ambaci zafi ko ƙuna ko ƙaiƙayi, su 23, muka fara tura musu gyaran kafin kowa.