Takardar da na rubuta wa mai gidanmu kafin a taɓa banɗaki

Shekara ta uku ke nan muna haya a wani gida mai ɗaki biyu da falo a Hotoro, cikin Kano. Gidan ba laifi, banɗakin ne ya ishe mu. Tankin masai kullum cikin tsiyaya, kan shawa ya toshe da tsatsa har ruwan ya koma fita ta huda uku kacal, famfon wanke hannu kuma sai an ɗaure shi da tsumma kafin a yi barci. Sau biyu ina gaya wa wakilin da ke karɓar haya, yana cewa zai sanar da Alhaji. Shiru kake ji.

Da na gaji, na ce zan yi da kuɗina. Har na kira fulamba, sai wani maƙwabcina da ya daɗe yana aiki a ofishin lauyoyi ya ce, "Malam, kada ka sa guduma a bangon da ba naka ba sai da takarda a hannu." Ya yi mini bayanin da ban taɓa kula da shi ba: a ƙa'ida, duk abin da aka kafa a jikin gini da siminti ya zama na ginin, wato na mai gida, ko wa ya biya kuɗinsa. Kuma idan ka fasa ba izini, ranar tashi ana iya kiran gyaranka ɓarna, a ce ka mayar da wurin yadda ka same shi.

Kafin in rubuta komai sai da na san ainihin abin da ya lalace. Fulamban ya zuba bula kaɗan a tankin masai, ya ce kada kowa ya ja ruwa. Ba a yi minti goma ba shuɗin ya sauko cikin tukunya, alamar robar da ke toshe ƙasan tankin ta mutu. Tukunyar kanta ta tsage daga gindi. Ya kuma duba inda ƙazanta ke fita, domin masai iri biyu ne, akwai mai fitarwa ta bango, akwai mai fitarwa ta ƙasa. Namu ta ƙasa ne, don haka ya auna tazarar daga bango zuwa tsakiyar ramin. Idan ka sayo wanda bai yi daidai da wannan awon ba, ko dai ka mayar, ko a fasa daɓe. Ya rubuta mini lissafi a takarda, kaya da kuɗin aiki naira 185,000.

Takardar farko da na rubuta layi huɗu ce, cewa ina neman izinin gyara banɗaki da kuɗina. Maƙwabcin nan ya karanta ya yi dariya, ya ce kalmar "gyara" tana iya nufin canza famfo, tana iya nufin rushe bango. Na sake zama. Ga abin da na aika, bayan kwanan wata da adireshi:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan Alhaji da iyali suna lafiya, ina neman izini ne in canza wasu kayan banɗakin gidan da nake haya, da kuɗina. Kayan su ne tukunyar masai da tankinta, kan shawa da makunninsa, da famfon wanke hannu. Na haɗo hotunan yadda suke yanzu da lissafin fulamba. Ba za a canza wa komai wuri ba, ba kuma za a taɓa tayil ba sai wanda ke gindin masai. Aikin kwana biyu ne. Idan Alhaji yana da fulamban da ya fi yarda da shi, na amince ya yi aikin ko ya zo ya duba. Sabbin kayan za su zauna a gidan idan na tashi, ba zan nemi a biya ni ba. Tsofaffin zan ajiye su har a turo a ɗauka. Roƙona shi ne kada wannan gyara ya zama dalilin ƙarin haya a sabuntawa mai zuwa. Idan an amince, a taimaka a sa hannu a ƙasan kwafi ɗaya a dawo mini da shi."

Maganar ƙarin haya ita ce na fi yin jinkiri a kanta, don ina tsoron ta yi kama da gindaya wa dattijo sharaɗi a gidansa. Shi ya sa na kira ta roƙo. Amma barin ta ya fi haɗari, domin na sha ganin ɗan haya ya gyara gida, shekara na zagayowa a ce masa gidan ya yi daraja. Maganar tsofaffin kaya kuwa, kada a raina ta. Tsagaggiyar tukunya ce, ko 'yan gwangwan ba za su waiwaye ta ba, amma dukiyar Alhaji ce, kuma jefar da ita ba tambaya shi ne irin abin da ake tuna maka bayan shekara biyu.

Na yi kwafi biyu. Ban ba wakili ya kai ba, da kaina na je bayan la'asar, na gaishe da Alhaji, na faɗa masa da baki tukuna sannan na miƙa takardar. A wurinmu takarda ba gaisuwa tana iya zama kamar sammaci. Ya sa tabarau ya karanta, ya ce, "Ɗana, ai da ka yi kawai." Na ce, "Ranka ya daɗe, saboda rai ne, kada gobe yara su rasa abin dubawa." Ya jinjina kai ya sa hannu, ya ƙara da biro cewa hayar shekara mai zuwa ba za ta canza ba, amma bai yi alkawarin wadda ke bayanta ba. Na ce na gode, hakan ma adalci ne.

Inda na yi sake shi ne abin da ke cikin bango. Da fulamba ya zo kwance makunnin shawa, bakin bututun ya gutsure a hannunsa. Tsohon bututun ƙarfe ne na rabin inci, tsatsa ta cinye shi har cikinsa ya kusa rufewa. Ashe ba kan shawa kaɗai ke hana ruwa ƙarfi ba. Alamar kuwa tana nan tun tuni, ni ne ban karanta ta ba: fentin bangon ɗakin yara, wanda ke bayan banɗakin, ya daɗe yana kumbura yana zubowa, ruwan farko na safe kuma yakan fito ja-ja.

Dole a sare bango kusan mita biyu a sa bututun roba, a fasa tayil goma sha ɗaya. Takardata ta ce ba za a taɓa tayil ba, kuma ba ta ce komai ba game da wanda zai biya idan aka tarar da ɓarna a ɓoye. Na tsayar da aiki, na ɗauki hoto na aika wa Alhaji. Kwana uku muna wanka da bokiti kafin mu daidaita, shi ya ɗauki kuɗin bututu da siminti a cire daga haya, ni na ɗauki tayil da kuɗin aiki, wanda ya ƙara mini naira 42,000. Mun rubuta wannan a bayan takardar izinin, muka sa hannu. Da tun farko na sa layi ɗaya cewa idan aka samu lalacewa a bututun cikin bango za a tsaya a sanar da shi, kuma gyaran ginin nasa ne, da ba mu yi wannan ciniki da bango a buɗe ba.

Irin tayil ɗin an daina kawo shi, mun zaga Sabon Gari ba mu samu ba. Wanda muka sa ya ɗan fi na da haske, duk wanda ya shiga sai ya lura. Tsohuwar tukunyar kuma har yau tana bayan gida a cikin buhu, ba a turo an ɗauka ba.