Rage tsakuren muƙala: abin da ake yankewa da abin da ba a taɓawa

Mujallar da ƙanwata za ta tura wa muƙalarta ta ce kada tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ake sawa a farkon muƙala, ya wuce kalmomi 250, nata kuwa ya haura 400. Bincikenta a kan tumatir ne da ake kawowa daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12 a nan Legas, inda ta kwatanta asarar da ake yi a kwando da wadda ake yi a akwatin roba.

Ban fara da yanka ba. Na buga shi a takarda, na bi jimla-jimla ina rubuta aikin kowacce a gefe: shimfiɗa, manufa, hanyar bincike, ko sakamako. Nan take matsalar ta fito fili. Kusan rabinsa shimfiɗa ce, ga muhimmancin tumatir a miya, ga sunayen masanan da suka riga ta. Manufa ta zo sau biyu. Sakamako kuwa, wanda dominsa ake karanta tsakure, an sallame shi da "an tattauna abin da aka gano". Wannan jimlar ba ta gaya wa kowa komai.

Sai muka sake gini daga ƙarshe. Muka buɗe jadawalin da ke cikin muƙalar, muka ɗauko kason asarar kwando da na akwati, muka sa su da alƙalumansu. Daga nan hanyar bincike: kwando nawa, akwati nawa, a wane wata, da yadda ta auna asarar, wato nauyin tumatirin da ya fashe ko ya ruɓe. Manufa ta koma jimla ɗaya, shimfiɗa ma ɗaya. Sunayen masana suka koma cikin muƙala, can ne wurinsu.

Inda muka daɗe shi ne jimlar sakamako. Ta rubuta: "A lodin da aka duba lokacin rani, tumatirin akwati ya fi na kwando isowa lafiya." Ta ce, "Yaya, mu mai da shi 'akwati yana hana tumatir lalacewa', mun rage kalmomi." Na ce a'a. Ba ta duba na damina ba, kuma na akwatin ma an samu wanda ya lalace, raguwa kawai asarar ta yi. "Lokacin rani" da "ya fi" su ne iyakar abin da ta gano. Aka cire su, tsakuren ya faɗi abin da muƙalar ba za ta iya karewa ba, kuma masu tantancewa suna lura da wannan.

Kafin ta tura, na ba wani maƙwabcinmu a Agege, malamin makaranta da bai taɓa ganin muƙalar ba. Na ce ya faɗa mini me aka nema, yaya aka yi, me aka samu. Ya tsaya a kan inda aka auna tumatirin, a gona ko a kasuwa. Muka ƙara "bayan an sauke kaya a Mile 12", kuma duk da haka bai kai 250 ba.