Abin da na koya a gindin buhunan Alhaji a Dawanau

Lokacin da na shiga harkar wake a kasuwar Dawanau, jarina bai wuce na buhu shida ba. Na fara kuskuren da sabon shiga kan yi: na riƙa bin manyan 'yan kasuwa ina tambayarsu inda suke saro kaya. Kowa sai ya yi murmushi ya ce, "Allah ne mai bayarwa."

Wani dattijo mai sayar da gero, da muke kira Alhaji, shi ne ya karɓe ni, kuma ban taɓa ce masa ya koya mini ba. Kullum da safe nakan je in gaishe shi, in tsaya a kan sikeli idan ana awo, in ƙirga buhuna idan 'yan dako na loda mota. Sai da na yi kusan wata uku a haka kafin ya fara jana a jiki. Daga baya na gane dalilin da ya sake da ni: shi gero yake yi, ni wake, ba ma neman mai saye ɗaya.

A wurinsa na koyi duba kaya. Ya ce kada in yarda da saman buhu, in zura hannu har gwiwa in ɗebo na ciki. In ciji ƙwaya: busasshe yakan fashe ƙaras, mai danshi kuwa lotsawa yake, kuma shi ne zai yi fumfuna a sito. In duba fararen ɗigo a jikin waken, ƙwan ƙwari ne, ko ba huda yanzu za a gan ta nan gaba. In shinshina, ko an barbaɗa magani. Duk wannan ya ba ni kyauta. Amma har yau ban san ƙauyen da yake sayen geronsa ba.

Ni ban ɗauki wannan darasin da wuri ba. Wani abokina a layinmu, muna shan shayi, ya yaba kyan kayana, daɗi ya kwashe ni na faɗa masa kasuwar ƙauyen da nake zuwa, har da dillalina. Mako na gaba na tarar ya riga ni, ya ƙara naira hamsin a kowace tiya. A buhu mai tiya arba'in, dubu biyu ke nan, kusan duk ribata.

Na kai wa Alhaji ƙara, ya ce, "Kai ka ba shi, ɗana. Da ka koya masa cizon wake, me ka rasa?"

Yanzu ni da 'yan layinmu muna musayar labarin hanya, kuɗin mota, da wanda ya ci bashi ya ƙi biya. Wannan na ƙarshen ma ɓoye shi cutar kai ne. Inda nake saye, nawa na saya, da lambar mai sayena na Legas kuwa, ko yarona bai sani ba. Abokin nan har yanzu muna shan shayi tare, sai dai hirar ƙwallo muke yi.