Abin da Jimilla Ke Ɓoyewa a Rahoton Kuɗin Tallafi

A aikin kula da kuɗin tallafi, lambar da na fi yi wa kallon tsanaki ita ce wadda ke can ƙasan shafi, wato jimillar abin da aka kashe. Ita kowa ke fara dubawa. Shugaban shiri zai ga an ci rabin wa'adi, an kashe kusan rabin kuɗi, sai ya ce alhamdu lillahi, mu wuce batu na gaba. Abin da aiki ya koya mini shi ne wannan lamba tana iya zama daidai ƙwarai a lissafi, amma shirin yana cikin matsala, domin layin kasafin da aka wuce gona da iri da layin da aka yi sakaci suna rufa wa juna asiri idan aka haɗa su wuri ɗaya.

Bari in kawo misali da alƙaluma masu sauƙi. A ce an ba ƙungiya tallafin dala 120,000 na wata 12, an raba shi layi biyar: albashi 48,000, horaswa 30,000, kayan aiki 18,000, tafiye-tafiye 12,000, kuɗin tafiyar da ofis 12,000. Ƙarshen wata na 6 aka buɗe littafin kuɗi, aka tarar an kashe 62,400. Saurin kashe kuɗi ana lissafa shi ta hanya biyu, kuma duka biyun ana amfani da su. Ta farko a raba abin da aka kashe da kasafin, a nan ya ba da kashi 52 cikin ɗari, sai a kwatanta da kashi 50 na lokacin da ya shuɗe. Ta biyu a raba abin da aka kashe da yawan watanni, a nan 10,400 ke nan duk wata. Ragowar kuɗi 57,600 ne, idan aka raba su da 10,400 za su kai kimanin wata biyar da rabi. Wanda ya tsaya a nan zai ce a ɗan rage hannu kaɗan, shi ke nan.

To amma a bi layi-layi. Albashi ya ci 24,000, ofis ya ci 6,000, kowanne rabi cif, ba abin cewa a kansu. Kayan aiki 16,800, wato kashi 93. Tafiye-tafiye 9,600, kashi 80. Horaswa kuwa 6,000 kacal, kashi 20. Ashe kashi 52 ɗin nan haɗakar lambobi ne masu nisa da juna, kuma uku daga cikin biyar suna neman bayani.

Na fi son in fara da kayan aiki, don shi ne ke firgita sabon ma'aikaci a banza. Kashi 93 a tsakiyar wa'adi ya yi kama da ɓarna, alhali kwamfutoci da sauran kaya sau ɗaya ake sayensu, kuma a farkon shiri, tunda da su za a yi aikin. Tsarin ya ce a gama sayayya kafin ƙarshen wata na 3, an gama, har an samu rarar 1,200. Kuskuren yana wajen ma'aunin, domin raba kasafi gida 12 daidai wa daida ba ya aiki sai a kan layin da ake biya kowane wata, kamar albashi da haya. Shi ya sa na daina kwatanta abin da aka kashe da kasafin shekara kaɗai. Ina ƙara shafi na abin da aka tsara kashewa zuwa yau, wanda nake ɗaukowa daga jadawalin ayyuka. Idan a teburin lissafi na kwamfuta shafin B kasafin shekara ne, C abin da aka tsara zuwa yau, D abin da aka kashe, lissafin bai wuce wannan ba:

```
=C2-D2
=D2/C2
=D2/B2
```

Na farko bambanci ne, kuma a wannan tsari lamba mai alamar ragi tana nufin an zarce. Wasu ƙungiyoyi suna juya shi, don haka a rubuta a saman shafi wanne ake nufi, kada mutum biyu su karanta lamba ɗaya da ma'ana biyu.

Sayayyar nan ta lokaci ɗaya tana gurɓata lissafin wata-wata ma. Idan aka cire 16,800 daga 62,400, abin da ake kashewa a kai a kai 7,600 ne a wata. A ci gaba a haka har ƙarshe, jimilla za ta tsaya a 108,000, a bar 12,000 ba a taɓa ba. Littafi ɗaya, rana ɗaya, lissafi na farko ya ce kuɗi za su ƙare kafin wa'adi, na biyu ya ce za a yi rara. Dukansu suna ɗauka cewa wata shida masu zuwa za su yi kama da waɗanda suka wuce, kuma a shirin tallafi da wuya hakan ta faru.

Layin horaswa ne ya fi cancantar a zauna a kansa. An tsara taron bita biyar, kowanne 6,000, uku daga ciki kafin ƙarshen wata na 6. Ke nan abin da ya kamata a ce an kashe 18,000 ne, littafi kuwa ya nuna 6,000. Kafin in ce an yi jinkiri, nakan je wurin jami'in shirin in tambaye shi taro nawa aka yi a zahiri. A misalinmu amsar biyu ce. An yi na biyun a makon ƙarshe na watan, mai ɗakin taro bai kawo takardar neman biya ba tukuna, kuɗin 5,500 ne. Wannan bashi ne da ya riga ya hau wuyan shirin, ko da ko sisi bai fita daga banki ba. Idan aka sa shi, an kashe 11,500 cikin 18,000 da aka tsara, kusan kashi 64. Har yanzu akwai jinkiri na taro guda, amma ba irin wanda kashi 20 ya nuna ba. Rahoton da ya dogara ga abin da ya fita daga asusu kawai kullum yana bayan gaskiya da makonni, saboda haka nake ajiye shafi na daban don alƙawuran biya: kwangilar da aka sa wa hannu, odar kaya da aka bayar, aikin da aka yi ba a biya ba. Akwai kuma kishiyar wannan, wato kuɗin da aka ba ma'aikaci ya je aiki da su. Sun fita daga banki, amma ba a lissafa su a matsayin an kashe sai ya dawo da rasit.

Mutane da yawa suna ganin rashin kashe kuɗi tattali ne. A kuɗin tallafi sau da yawa alama ce ta aikin da ba a yi ba, kuma abin da ya rage a ƙarshen wa'adi galibi mayar wa mai shi ake yi. Ga kuma illar da ke biyo baya: taro uku da suka rage za su cunkushe a wata shida, kuma idan aka sake jinkiri, a wata biyun ƙarshe za a yi ta rige-rigen kashe kuɗi, lokacin da ake tsallake ƙa'idar sayayya, mai binciken kuɗi ya zo daga baya ya ƙi amincewa da su.

Tafiye-tafiye kuwa nan ne gobarar take. Ana kashe 1,600 a wata, saura 2,400, wato wata ɗaya da rabi. Abu na farko da nake yi idan na ga layi ya yi gudu haka shi ne in buɗe bayanan biya ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa kuɗin motar mahalarta bita, wanda na layin horaswa ne, ana jefa shi a tafiye-tafiye. Alamar ita ce layi biyu masu alaƙa, ɗaya ya kumbura ɗaya ya rame a wata guda. Idan haka ne, gyaran shigarwa kawai ake yi, da takardar bayani. Amma a ce an duba an ga kowane biya yana mazauninsa, ziyarar sa ido ce ta fi yawan da aka zata. To sai a tambayi masu aikin tafiyoyin da ba makawa sai an yi su nan gaba. A ce sun lissafa sun ce 6,000. Layin zai ƙare a 15,600, ya zarce da 3,600, wato kashi 30 na kasafinsa.

Yanzu ne za a iya yin hasashen da ya fi saurin kashe kuɗi amfani, wato abin da aka kashe, da alƙawuran biya, da abin da sauran aikin zai ci. Albashi 48,000, ofis 12,000, kayan aiki 16,800, horaswa 29,500, tafiye-tafiye 15,600. Jimilla 121,900. Rarar 1,700 daga kaya da horaswa ta rage giɓin, amma akwai 1,900 da babu inda za su fito, tunda mai ba da tallafi ba ya biyan abin da ya haura jimillar da aka sa wa hannu. Ko dai a rage tafiya, ko a haɗa ziyarar sa ido da ranakun bita, ko ƙungiya ta cika daga nata asusun.

Ita ma rarar 1,700 ba a kwashe ta a kai wani layi don kawai tana nan. Kowace yarjejeniya da iyakarta, kuma abin da ake auna iyakar da shi ya bambanta. A dokar tallafin gwamnatin Amurka, sashe na 2 CFR 200.308, hukuma tana iya neman a nemi izininta idan jimillar sauye-sauye tsakanin layuka ta haura kashi 10 na dukkan kasafin, a tallafin da ya kai wani girma. A tallafin ayyukan waje na Tarayyar Turai kuwa, iyakar da aka saba kashi 25 ce, amma na babban rukunin da sauyin ya shafa. A misalinmu 3,600 kashi 3 ne kacal na dukkan kasafi, amma kashi 30 ne na layinsa, saboda haka ƙarƙashin wata yarjejeniyar ba sai an ce komai ba, ƙarƙashin wata kuma sai da izini a rubuce. Izinin kuma kafin a kashe ake nemansa. Da hasashen wata na 6 a hannu, akwai kusan makonni shida kafin layin tafiya ya ƙare, kuma wasiƙar neman sauya kasafi ya kamata ta fita a makon farko, ɗauke da tsohon adadi, da sabo, da dalilin kowane layin da aka taɓa.