Ranar da na mayar wa ɗan damfara amsa

Ƙannena, bari in ba ku labarin wautar da na tafka bara. Wata lamba ta addabe ni da saƙon tes, kusan kullum bayan la'asar: wai an rufe BVN ɗina, in kira wani layi kafin awa 24 ko a rufe asusuna. Na san ƙarya ce, don banki ba ya turo irin wannan saƙo daga layin mutum mai lamba 11. Amma rana ta huɗu haushi ya ɗebe ni, na rubuta masa baƙar magana na tura, har ina jin na huce.

Ashe gaba ta kai shi. Irin waɗannan mutane watsa saƙo suke yi ga tarin lambobi, ba su san wacce ke aiki ba. Amsata ce ta tabbatar masa akwai mutum a kan layin. Washegari sai kira, wata murya mai ladabi tana neman OTP, lambar sirrin nan da banki ke turowa ta tes. Na katse, amma kiran bai tsaya ba.

Sai na ƙara wata wautar: na goge saƙonnin duka. Da na tashi kai ƙara aka tambaye ni lambar da ranar da saƙon ya shigo, na yi tsuru-tsuru.

Yanzu hoton saƙon nake fara ɗauka, lamba da lokaci su fito sarai. Sannan, a manhajar Google Messages, in buɗe saƙon, in taɓa ɗigo ukun nan na sama, in shiga "Details", in danna "Block & report spam". Saƙon ba ya ɓacewa, yana komawa "Spam & blocked". Amma ku sani, toshewar a wayarku kaɗai take. Layinsa na nan da rai, gobe kan wata tsohuwa zai faɗa. Shi ya sa nake kiran 300, layin kula da masu hulɗa na kamfanonin waya a Najeriya, in ba su lambar, in karɓi lambar ƙorafi in rubuta a takarda. In shiru ya yi yawa, sai 622, layin kyauta na NCC, hukumar sadarwa ta ƙasa, kuma wannan lambar ƙorafin ita zan gabatar musu.

Na kuma ɓata lokaci ina tsammanin tura STOP zuwa 2442 zai raba ni da shi. Wannan maganin saƙonnin talla ne. Ɓarawon da ke turowa da layinsa na kansa bai san da zamansa ba.

Bayan mako biyu saƙon ya dawo ta wata sabuwar lamba, kalma ɗaya bai canja ba, har kuskuren rubutun. Na ɗauki hoto, na toshe, na kira 300, ban ce masa uffan ba.